ZAUREN MAKO: Yadda tatsuniyar Gizo da hankaki ta shiga cikin jimla guda

A wannan mako za mu ajiye zancen farashin hatsi da na albashi, mu duba wani al'amari wanda a ido yake kama da wasan yara, alhali kuwa akwai dukiya da guminta a cikinsa.

Wani saurayi, mushen lakwal a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, Allah ya hore masa hannun zane. Ya daɗe yana burin ya mayar da wata tatsuniya da ya ji a bakin kakarsa ta zama ɗan gajeren fim na zane mai motsi, irin wanda yara ke kallo a telebijin. Da hutu ya zo, sai ya hau mota ya nufi Tasawa wurin kawunsa, wanda ke fataucin wake da gyaɗa, domin ya nemi gudummawar kuɗin takarda da kayan aiki. Kawun ya saurare shi, sannan ya yi masa tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: "To, ɗana, labarin mene ne?" Saurayin ya buɗe baki ya kama bayani. Ya yi zancen al'adunmu da ke ɓacewa, ya yi zancen tarbiyyar yara, ya ambaci Gizo, ya ambaci kada, ya koma kan kakarsa. Bayan kusan rubu'in awa kawun ya ɗaga hannu ya ce: "Ni in aka tambaye ni abin da ke cikin motata, cewa nake wake ne, buhu kaza, za shi wuri kaza. Je ka, ran da ka iya faɗa mini naka cikin numfashi ɗaya, ka dawo."

Saurayin ya zo mini ransa a ɓace, yana ganin an raina sana'arsa. Na ce masa ba a raina ta ba. Abin da kawunsa ya nema shi ne ainihin abin da masu wannan sana'a ke nema wurin juna tun kafin a ɗora alƙalami a kan takarda, wato jimla guda wadda ta ɗauki labarin gaba ɗaya. Bari mu kira ta ginshiƙin labari, domin ita ce ke riƙe da rufin, kuma idan babu ita, duk adon da aka yi wa bango aikin banza ne.

Ga tatsuniyar a taƙaice, yadda kakar ta ba shi, ko da yake kowane gari da irin tasa. Gizo ya ga hankaki suna dawowa da ƴaƴan ɓaure, ya tambaye su inda suke samu, suka ce itacen yana tsakiyar ruwa, sai mai fiffike. Ya roƙe su, suka ce ya bari sai da asuba. Don ɗoki ya kasa barci, ya cinna wuta da tsakar dare domin su ga haske su zaci gari ya waye. Da lokaci ya yi, kowane hankaka ya ba shi gashi, ya tashi tare da su. Da suka sauka a kan itacen, duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi. Ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa a gidan kada, ya yi ƙaryar dangantaka, aka ba shi masauki, ya bi dare yana cinye ƙwan mai gida, har ya yi dabarar da aka fitar da shi bakin gaɓa kafin asirinsa ya tonu.

A bakin tsohuwa, da dare, wannan duka abu ɗaya ne, kuma tsawonsa ba ya cin ko dala. A wurin mai zane kuwa kowane minti yana da farashi. Majigin sinima yana nuna hoto 24 a cikin sakan ɗaya. Masu zane sukan sauƙaƙa wa kansu, su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ya zama zane 12 a sakan. Fim na minti 5 sakan 300 ne, wato zane 3.600. Mu ƙaddara mutum yana iya gama zane 30 a yini, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga mai aikin gwamnati: kwana 120 ke nan ba hutawa. Takarda kuma, in ƙunshi ɗaya warƙa 500 ne, sai an sayi ƙunshi 8. Idan aka ce sai an zuba tatsuniyar duka, da wutar tsakar dare, da itacen ɓaure, da gidan kada, ba za ta kasa minti 15 ba, wato zane 10.800, aikin kusan shekara cur. Saboda haka jimlar da muke nema ba ado ba ce. Ita ce za ta yanke hukuncin abin da za a zana da abin da za a bari, tun kafin a ɓata wata huɗu a kan abin da za a zubar daga baya.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a Ndunga a 1942, ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya rasu a Wagadugu a 2015, yana cikin na farko-farkon da suka yi zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. Fim ɗinsa na 1966 mai suna Bon voyage Sim bai wuce kimanin minti biyar ba, kuma ana iya faɗar sa a layi ɗaya: wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, aka yi masa duk irin tarbar da ake yi wa shugabanni. Da jin wannan, mutum ya riga ya hango jirgin sama da faretin soja da jerin manya a filin jirgi, dukansu kwaɗi. Bai ce zai yi fim a kan mulki ko girman kai ba. Ya kawo abu guda da ido zai gani, ya bar mai kallo ya fitar da ma'ana da kansa.

Muka zauna da saurayin a zaure, na ce ya gwada. Jimlarsa ta farko ita ce: "Fim ne a kan kwaɗayi, domin yara su san kwaɗayi mabuɗin wahala ne." Na ce masa wannan jigo ne, wato darasin da ke ƙarƙashin labari, amma ba labarin ba ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ɗauki fensir ka zana mini kwaɗayi. Ba ya zanuwa. Ban da haka, jimlar za ta dace da tatsuniyoyi hamsin, na Gizo da na kura da na kishiyoyi. Jimlar da ta dace da kowane labari ba ta riƙe da ko ɗaya.

Ta biyu ta fito haka: "Gizo ya ga hankaki, sai ya roƙe su, sai ya cinna wuta, sai suka ba shi gashi, sai ya yi rowa, sai ya faɗa ruwa, sai ya je gidan kada." Wannan ta fi ta farko, domin akwai abin gani. Amma aibinta yana cikin kalmar nan "sai" da ta cika ta. Duk inda ka ji sai, sai, sai, an jera abubuwa ne kamar tumatir a faifai, ba a nuna wanda ya haifi wani ba. Na ce ya cire zancen wuta ya sake karantawa. Ya cire, labarin bai girgiza ba. Na ce ya cire gidan kada. Nan ma bai girgiza ba, illa dai ya ƙare da wuri. Na ce to ya cire aron gashi. Ya yi shiru, ya ce in an cire wannan babu labari. Na ce masa ga ginshiƙin nan ka taɓa da hannunka: abin da in an zare shi rufi ya rufto. Sauran kuwa tatsuniyoyi ne masu zaman kansu da aka ɗaura wa wannan, domin dare yana da tsawo kuma yara ba su yi barci ba.

Daga nan muka koma ga tambayoyi huɗu, waɗanda dole jimlar ta amsa su. Wane ne? Me yake so? Me ya tare masa hanya? Me zai rasa in ya kasa?

Ta farko ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. Ana iya ba da labarin ta idon wani ƙaramin hankaka wanda ya tsaya wa Gizo har aka ba shi aro, ya ji kunya daga baya. Wannan ma fim ne mai kyau, amma wani fim ne daban, na mai lamuni. Muka tsaya a kan Gizo, domin shi ne mai yin zaɓin da ke juya labarin, kuma ƙa'ida ita ce a bi wanda hannunsa ke kan akala.

Ta biyu, me yake so? Saurayin ya ce abinci. Na ce abinci yana da faɗi, a ce ɓaure, kuma ɓauren itace guda, a wuri guda da za a iya nunawa da yatsa. A nan ne ƙasarsu ta shigo cikin zancen. Tatsuniyar ta ce kogi, amma yaron Mayahi ko na Tasawa bai tashi da ganin kogi mai gudu ba. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar kwari ne na goriba da gonaki. Abin da yaro ya sani shi ne tabki, wanda ke cika da damina. Kuma kowa ya san lokacin da tabki ke cika, wajen Yuli da Agusta, shi ne lokacin da rumbu ke yin ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Da muka musanya kogi da tabki, sai yunwar Gizo ta sami dalili ba tare da an ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba. Hoton rumbu wayam da tabki cike ya wadatar.

Ta uku ita ce zuciyar aikin. Abin da ya tare wa Gizo hanya da farko ruwa ne, amma wannan an warware shi tun a minti na biyu da aron gashi. In ruwa ne kaɗai matsalar, fim ya ƙare ke nan. Matsalar gaskiya ita ce fiffiken ba nasa ba ne, kuma masu shi suna nan kusa da shi a kan reshe. Tsohuwa ta ce hankaki sun fusata sun zare gashinsu gaba ɗaya. A baki wannan ya isa. A fim kuwa abu ne na sakan uku, ya wuce kafin mai kallo ya ji tsoro. Sai muka ce a rarraba shi: duk lokacin da Gizo ya hana wani hankaka ɗan ɓaure, wannan hankakan ya zare nasa gashin ya tashi. Buhu yana cika, fiffike yana raguwa. Ko yaron da bai shiga lakwal ba zai iya lissafin da idonsa, ya hango abin da Gizo bai hango ba. Wannan ne ya sa muka ƙayyade yawan hankakin. Garke guda ba ya ƙirguwa, kuma zana shi wahala ne. Biyu sun yi kaɗan, abin ba zai taru ba. Muka tsaya a kan shida, gashi uku a kowane gefe.

Ta huɗu, me zai rasa? Hanyar komawa gida, da ransa ma, tun da ruwa ne a ƙasa. Muka haɗa amsoshin, muka yi ta ragewa, har muka sami wannan:

"Gizo mayunwaci ya ari gashin hankaki shida don ya kai ga ɓauren tsakiyar tabki, amma duk wanda ya yi wa rowa sai ya zare gashinsa, har ya rage masa gashi ɗaya da buhu cike."

Kalma 34 ce. Ku lura da abubuwa biyu a cikinta. Akwai "don", mai nuna buƙata, akwai "amma", mai nuna cikas, kuma waɗannan biyun su ne suka maye gurbin jerin "sai" na baya. Sannan ba ta faɗi ƙarshe ba. Ta kai Gizo bakin zaɓi, tsakanin buhu da gashin da ya rage, ta tsaya. Kalmar kwaɗayi ma ba ta fito ba, amma babu wanda zai ji jimlar bai gane shi ba.

Jimla ba ta tabbata sai an gwada ta, kamar yadda ba a sayen buhu sai an soka masa ƙarfe an ga ƙwayar. Gwaji uku na ba shi. Na farko, ya faɗa wa mutumin da bai san komai a kan aikin ba, mai shayi ko ɗan tasha, ya bar shi kwana ɗaya, ya koma ya ce ya maimaita masa. Abin da mutumin ya riƙe shi ne labarin, abin da ya manta kuwa kaya ne da aka ɗora. Idan ya dawo da wani labari daban, laifin jimlar ne, ba na kunnensa ba. Na biyu, ya zana ta a hoto shida ba tare da rubutu ko magana ba, ya nuna wa ƴan ajinsa. Wannan gwaji yana da zafi ga mai son tatsuniya, domin rabin daɗin Gizo yana cikin tsamin bakinsa da zaƙin maganarsa, kuma wannan na kunne ne. Za a saka murya daga baya ta ƙara armashi, amma in labarin bai tsaya ba sai da ita, to wasan rediyo ne aka rubuta. Na uku, ya raba sakan 300 a kan sassan jimlar ya ga ko kowane sashe ya sami wurinsa. Muka yi tare: sakan 40 na yunwa da hangen ɓaure, 60 na roƙo da aro, 30 na tashi sama, 110 a kan itace, 60 na ƙarshe. Sashen itace ya fi kowanne tsawo, kuma haka ya kamata, domin nan ne "amma" take. Da a ce roƙo ne ya cinye rabin lokacin, da mun san jimlar ta karkace. Lissafin ya kuma nuna masa inda zai sami sauƙi: bugun fiffike zane takwas ne da ake maimaitawa, don haka sakan 30 na tashi ba za su ci zane 360 ba.

Sai dai akwai iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Duk wanda ya matse tatsuniya cikin jimla guda ya sauya ta, ko ya sani ko bai sani ba. Bafaranshen nan Mishel Oselo, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gine, ya ɗauko farkon fim ɗinsa na 1998, Kirikou et la sorcière, daga wata tatsuniyar Afirka ta yamma ta jaririn da ya yi magana tun yana ciki. Amma ya ɗora labarin a kan tambaya guda da yaron ke ta yi, wato me ya sa mayya Karaba take da mugunta, har aka gano ƙaya ce a kafe a bayanta. Tambayar ita ta ba fim ɗin ƙarfinsa, kuma ita ta raba shi da tatsuniyar da ya samo. Haka mu ma: Gizon kakar saurayin nan ɗan duniya ne wanda kullum yake kuɓuta, yara suna dariya suna sha'awar wayonsa. Da muka yanke gidan kada, mun yanke wurin da wayonsa ya fisshe shi, mun bar wurin da halinsa ya kayar da shi. In ba a yi hattara ba, sai a wayi gari an mayar da Gizo allon wa'azi, kuma yara ba su son a yi musu wa'azi da sunan wasa. Shi ya sa na shawarce shi da abu biyu. Ya bar wa Gizo wata ƴar dabara a minti na ƙarshe, ko da zai fito jiƙe sharkaf ba ɓaure ko ɗaya. Kuma ya ɗauki muryar kakarsa da wayarsa tana ba da tatsuniyar cikakkiya, ya adana, domin fim reshe ne da aka sara, ba shi ne itacen ba. Gidan kada kuma bai ɓata ba, yana jiran tasa jimlar da nasa fim.

Saurayin ya koma Tasawa. Ya gaida kawunsa, ya ce: "Kawu, na zo da shi cikin numfashi ɗaya." Ya faɗi jimlar. Dattijon ya yi shiru, sannan ya yi murmushi ya ce ai wannan ya san shi, ba ma mutum ɗaya ba: wanda ya tashi da jarin mutane, da ya ga riba ya manta da masu shi. Ya ce zanen aro dai ba ya rufe katara. Daga nan ya gyara zama ya tambaya: "To, ya saki buhun ko kuwa ya faɗa ruwan?" Wannan tambaya ita ce shaidar cewa jimlar ta yi aikinta, domin wanda ya nemi jin ƙarshe ya riga ya shiga labarin. Bai ba shi duk abin da ya nema ba. Ya biya kuɗin takarda, ya ce sauran sai ya ga minti ɗaya yana motsi, tun da gani ya kori ji. Ban ga laifinsa ba.

Ko fim ɗin zai kammalu, wannan yana ga haƙurin mai zane da yawan dararen da zai iya ba shi bayan ya gama gyaran littattafan ƴan aji. Jimla ba ta zana ko ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafun Gizo takwas. Abin da ta yi masa shi ne ta rage masa aikin shekara ya koma na wata huɗu, ta kuma ba shi ma'aunin da zai riƙa auna kowane sabon tunani da ya faɗo masa: in yana ƙara wa buhu nauyi ko yana rage gashi, ya shiga; in ba haka ba, ya jira wani fim.

Wanda ke da wata tatsuniya ta garinsu da yake ganin ta isa a zana, ya gwada matse ta cikin jimla guda mai "don" da "amma", ya aiko mana, za mu duba ta tare a wannan fili. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.